Idan Baki Ya Mutu a Gaban Malamai: Yadda Ake Shirya wa Jarrabawar Shafawi

Duk wanda ya zauna a masaukin ɗalibai a Madina ya san yanayin makon jarrabawar shafawi, wato ta baka. Tahariri, wato ta rubutu, ba ta cika tayar wa ɗalibanmu hankali ba, domin mun taso da alƙalami da hadda. Amma da zarar an kafa sunaye aka ce gobe kowa zai shiga shi kaɗai ya zauna gaban malamai biyu ya yi magana da Larabci na minti biyar ko goma, sai ka ga mutumin da ke gyara wa abokansa i'irabi a ɗaki ya kasa cin abincin dare. Wani ya shiga, a tambaye shi abin da ko cikin barci aka tashe shi zai amsa, sai yawu ya ƙafe masa, zufa ta karyo, kansa ya zama fayau kamar allon da aka wanke. Ya fito, kafin ya kai bakin matattakala duk amsar ta dawo masa tsaf.

Wannan dawowar da amsa ke yi a bakin matattakala ita ce shaidar da ya kamata a fara dubawa. Tana nuna cewa ilimin yana nan, bai je ko'ina ba. Hanyar fito da shi ce ta toshe. To mafi yawanmu idan haka ta same mu sai mu koma mu ƙara karatu, mu ƙara haddace kalmomi, mu sake bitar nahawu daga farko, alhali ba can ciwon yake ba. Mutum ya yi ta zuba hatsi a rumbun da yake cike, ƙofar rumbun kuwa ita ce ta cije.

Bari in ci gaba da wannan misali na rumbu, don shi ne zai sauƙaƙa bayanin. Abin da ka sani na Larabci, kalmomi da ƙa'idoji da jimlolin da ka sha ji, suna cikin rumbu. Amma lokacin da kake magana ba a cikin rumbun kake aiki ba. Ɗebowa kake yi kaɗan-kaɗan kana ɗorawa a kan faifai, a nan kake tsincewa kana jerawa kafin ka furta. Masana halayyar ɗan Adam suna kiran wannan faifai ƙwaƙwalwar aiki. Alan Baddeley da Graham Hitch ne suka fito da fasalinta a 1974, daga baya kuma Nelson Cowan ya kawo hujja a 2001 cewa abin da take iya riƙewa a lokaci guda bai wuce kamar abu huɗu ba. Faifan ƙarami ne ƙwarai, kuma na kowa haka yake.

A Hausa ba ma jin ƙanƙantarsa, saboda kusan komai yana tafiya da kansa. Willem Levelt, wanda ya yi fice wajen nazarin yadda magana ke fitowa daga tunani zuwa baki, ya kasa aikin mataki-mataki: ka tsara abin da kake son faɗa, ka nemo kalmomi ka ɗora su bisa ƙa'ida, ka furta, sannan akwai wani mai sa ido a cikinka da ke sauraron abin da kake faɗa yana duba kuskure. A harshen uwa mutum na fitar da kalma biyu zuwa uku a daƙiƙa guda ba tare da ya san yana aiki ba. A Larabci kuwa, ga wanda bai daɗe da fara magana da shi ba, kowane mataki sai ya nemi wuri a kan faifan. Kana so ka ce garinku babba ne. A Hausa gari namiji ne, a Larabci madina mace ce, don haka sai ka tuna ka ce kabira, ba kabir ba. Kana so ka ce kana da 'yan'uwa maza uku da mata huɗu, sai ƙa'idar adadi ta taso, wadda ke juya jinsi: salasatu ikhwa, amma arba'u akhawat. Ga jam'in taksiri da ba ya bin tsari ɗaya. Ga wasalin ƙarshen kalma, ko rufu'a ce ko fataha ko kisira. Tun tsoro bai shigo ba faifan ya kusa cika.

Sai tsoron ya zo. Jiki ya ɗauki zaman nan a matsayin haɗari, ya sako sinadarin adiranalin, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya koma sama-sama, yawu ya ragu. Wannan ɓangaren jiki ke nan, kuma shi kaɗai ba ya hana magana. Mutane da yawa suna magana lafiya lau gabansu na faɗuwa. Ɓarnar tana faruwa ne lokacin da tunanin tsoron ya hau kan faifan ya zauna. "Duktur ya ɗaure fuska." "Na yi kuskure a jimlar farko." "Idan na faɗi me zan ce wa mutanen gida?" Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya cinye gurbin da kalma za ta zauna. Idan gurabe huɗu ne, tsoro ya kama biyu, mai sa ido kan kuskure ya kama ɗaya, da me za a gina jimla? Nan ne bakin ke mutuwa. Akwai binciken da Sian Beilock da Thomas Carr suka wallafa a 2005 a kan ɗalibai masu warware lissafi, inda suka ga cewa waɗanda ƙwaƙwalwar aikinsu ta fi faɗi su ne matsi ya fi yi wa illa, domin sun saba dogara da ita. Wannan ya yi daidai da abin da nake gani a nan: sau da yawa gwanin nahawu ne ke daskarewa, wanda yake auna kowace kalma kafin ta fita, yayin da wanda iliminsa bai kai nasa ba yake ta zuba abinsa ya wuce.

Ba sabon abu ba ne a wurin ɗan Adam. A Suratus Shu'ara, aya ta 13, Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ce ƙirjinsa zai yi ƙunci, harshensa ba zai saku ba. Ƙirji ne ya fara, harshe ya biyo baya. Nakan karanta wa ƙannenmu wannan ayar domin su daina ɗaukar abin a matsayin daƙiƙanci ko rashin tawakkali.

Yanzu ga inda al'adar karatunmu ke jefa mu rami. Mu mutanen hadda ne, kuma hadda ni'ima ce a muhallinta. Saboda haka idan aka ce akwai shafawi, abin da ɗalibi Bahaushe zai fara yi shi ne ya rubuta shafi guda a kan "garinmu", shafi guda a kan "dalilin da ya sa na zo koyon Larabci", ya kai wa wani ya gyara masa, ya haddace su kamar sura. Matsalar ita ce hadda sarƙa ce: kowace jimla jimlar da ta gabace ta ce ke jawo ta. Idan zobe ɗaya ya ɓalle, sauran duk sun zube. A tilawa akwai mai riƙe da Alƙur'ani da zai tuna maka, a salla akwai mamu a bayan liman, amma a ɗakin shafawi babu mai ɗora ka. Kuma malamai sun san muryar hadda, ba ta ɓuya. Da sun ji ta sukan katse ka da wata tambaya ta gefe don su ji Larabcinka na gaskiya, wannan kuwa aikinsu ne, ba mugunta ba ce. Wanda ya zo da haddar shafi, katsewar nan ita ce ke kayar da shi.

Wani ƙanena a karatu, ɗan wajen Gusau, ya zo mini saura mako uku ya sake shiga shafawi a cibiyar da yake koyon Larabci. A zangon baya ya ci tahariri da maki mai kyau, amma a shafawi an ce masa "haddisna an madinatika", wato ba mu labarin garinku, ya faɗi jimla biyu daga haddarsa, aka tambaye shi me mutanen garin suke nomawa, shi ke nan ya tsaya. Ya ce mini, "Wallahi Yaya, na san zura dawa ce, na san ƙuɗun auduga ce, na san komai, amma ji na yi kamar an ɗaure mini maƙogwaro." Ya zo ne yana so in ba shi ƙarin kalmomi. Na ce masa ya ajiye littafin tukuna.

Abin da muka fara yi shi ne gano inda yake tsayawa, domin daskarewa iri-iri ce kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Na zaunar da shi a kujera, na zauna gabansa da takarda da biro, na kunna rikoda a waya na ajiye inda yake ganinta, na yi masa tambaya biyar ba tare da murmushi ko gyaɗa kai ba. Bayan mun gama muka saurara tare muna lura da duk shirun da ya wuce daƙiƙa uku. Sai abin ya fito fili. Ba a tsakiyar magana ya fi tsayawa ba. Wuri biyu ne: a bakin farawa, tsakanin ƙarshen tambaya da kalmarsa ta farko, inda wani shirun ya kai daƙiƙa goma sha ɗaya, sai kuma nan take bayan ya ji kansa ya yi kuskure. Ya ce "madinati kabir", ya ji ta, ya koma ya gyara, ya sake komawa ya maimaita jimlar daga farko, daga nan zaren ya tsinke.

Sannan na yi masa gwaji na biyu, wanda nake ba kowa shawarar ya yi kafin ya yanke wa kansa hukunci. Na fita na bar shi da wayar, na ce ya amsa tambayoyin nan biyar shi kaɗai. Da na dawo muka saurara, magana ce mai kyau, da 'yan kurakurai amma tana tafiya. Wannan shi ne ma'aunin. Idan kai kaɗai kana iya amsawa, a gaban mutum kuma ka kasa, matsalarka matsi ce. Idan kai kaɗai ma ka kasa, to kalmomin ne babu, kuma babu dabarar numfashin da za ta sa maka abin da ba ka taɓa koya ba. Kai karatu ne ya kamace ka. Mutane da yawa suna da kashi na wannan da kashi na wancan, amma gara mutum ya san wanne ya rinjaya.

Matsalar bakin farawa ita muka soma kamawa. Shirun farko shi ne mafi haɗari, saboda yana ciyar da kansa: ka yi shiru daƙiƙa uku, ka lura ka yi shiru, lurar ta hau faifai, shirun ya ƙaru. Maganinsa shi ne bakinka ya motsa kafin tsoro ya sami wurin zama, da abin da ba ya bukatar tunani ko kaɗan. A nan hadda take da amfani, amma haddar gutsattsari, ba ta shafi ba. Na sa ya zaɓi jimloli biyar kacal ya maimaita su har su zama kamar sallama a bakinsa. Ta farko ita ce maido da tambayar: an ce me mutanen garinku suke nomawa, sai ka fara da "ahlu madinati yazra'una...", ka ga rabin jimlar malamin ne ya ba ka ita kyauta. Ta biyu ta neman maimaici: "lau samahta ya Duktur, a'idis su'al". Ta uku ta tabbatarwa: "hal taƙsidu kaza?" Ta huɗu ta sayen lokaci: "da'ani ufakkir ƙalilan". Ta biyar ta ranar da kalma ta ɓace: "nasitul kalima, lakin aƙsidu...", sai ka kewaya.

Ya yi mini gardama a kan wannan. Ya ce ai idan ya ce a maimaita masa tambaya za a gane bai iya ba. Na ce masa jarrabawar magana ce ake yi, kuma wanda ya nemi a maimaita masa da Larabci ingantacce magana ya yi, an kuma ji Larabcinsa. Wanda ya yi shiru bai ba malami abin da zai sa wa maki ba. Sai dai a yi hattara, kada mutum ya mayar da su waƙa. Sau ɗaya ko biyu a zama guda ya isa. Idan kowace tambaya sai ka ce a maimaita, ya zama wani abu dabam.

Kewayawar nan ta jimla ta biyar tana bukatar horo nata na musamman, kuma ita na fi jin daɗin koyarwa. Nakan rubuta kalmomi a 'yan takardu in ce mutum ya bayyana mini kowace ba tare da ya ambace ta ba. Ka manta jisr, wato gada: ka ce hanyar da ke saman kogi. Ka manta hasad, wato girbi: ka ce lokacin da ake tara amfanin gona. Ka manta sunan firji: ka ce na'urar da ke sanyaya ruwa. Minti biyar a rana muka riƙa yi. Amfaninta ya wuce kalmar da aka kewaye. Wanda ya san yana da hanyar baya ba ya firgita idan ta gaba ta toshe, firgitar kuwa ita ce ke cinye faifan.

Daga nan muka koma kan shafukan da ya haddace. Ban ce ya yar da su ba, na ce ya mayar da kowane shafi kalma uku a ƙaramar takarda. "Garinmu" ya zama: wuri, noma, kasuwa. "Iyalina" ya zama: adadi, sana'a, kewa. Da waɗannan ukun zai yi magana, kuma sharaɗin shi ne kada ya faɗe ta iri ɗaya sau biyu. Wannan ya fi hadda wahala a kwanakin farko, kuma Larabcin da ke fitowa bai kai na takarda kyau ba, abin da ya dame shi sosai. Amma magana ce da ba ta da zoben da zai ɓalle. Idan aka katse shi a kan noma, ya amsa, ya san saura kasuwa.

Don harshen ya saku muka yi amfani da wata dabara da malaman koyar da harsuna suka sani da 4/3/2, wadda Paul Nation ya yi nazari a kanta a 1989. Za ka yi magana a kan batu ɗaya na minti huɗu ga mutum na farko, sannan batun nan dai cikin minti uku ga mutum na biyu, sannan cikin minti biyu ga na uku. Hikimar ita ce a zagaye na farko ka sha wahalar nemo kalmomi, a na biyu sun riga sun matso kusa, a na uku suna zuwa da kansu, ƙarancin lokacin kuma yana hana ka tsayawa auna kowace gaɓa. Canza mai sauraro yana da muhimmanci, don kada ka ji kamar dole ka kawo sabon abu. Shi da yake minti huɗu sun yi masa yawa, da uku, biyu, ɗaya muka fara. Bayan Isha'i idan an dawo daga Harami sai mu tara mutum uku a ɗaki, kowa da batunsa, cikin rabin awa an gama. Iyakar dabarar ita ce sauri take ƙarawa, ba ta gyara kuskure, har ma takan sa kuskuren ya zauna daram idan an maimaita shi sau uku. Shi ya sa tsakanin zagaye na farko da na biyu nakan gyara masa abu ɗaya tak, wanda ya fi yawan maimaitawa, in bar sauran.

Sai matsalarsa ta biyu, tsayawa bayan kuskure. Wannan aikin mai sa idon nan ne da ya wuce gona da iri. Muka kafa doka: idan ka ji ka yi kuskure, ko dai ka gyara kalmar nan kaɗai ka wuce, "kabir, a'ani kabira", ko ka bar ta. Komawa farkon jimla haramun ne a ɗakinmu. Na kuma tuna masa maganar da Larabawa da kansu suke yi, sakkin taslam, wato ka sa sukun a ƙarshen kalma ka tsira. A ƙarshen jimla da duk inda ka dakata, waƙafi shi ne daidai a ƙa'ida, babu wanda zai ce ka yi lahani. A tsakiyar jimla ma masu ilimi da yawa suna sassauta wasalin ƙarshe a hira ta yau da kullum. Amma a nan dole a san irin jarrabawar. Idan ta muhadasa ce, ana auna iya hira, sassautawa ba ta cika cutarwa ba. Idan ta karatun nassi ce ko ta nahawu, inda wasalin shi ne abin da ake nema, sakkin taslam ba za ta cece ka ba. Ka tambayi malamin darasin tun da wuri abin da yake ba wa maki, ka kuma tambayi waɗanda suka riga ka shiga. Da ɗan gari akan ci gari.

A nan zan ɗan ratse, don akwai 'yan'uwanmu Hausawa haifaffun Makka da Jidda da Madina waɗanda tasu daskarewar dabam ce. Su Larabcin Hijaz a bakinsu yake kamar ruwa, amma a jarrabawar fusha, wato Larabcin littafi, faifansu yana cika ne da tsare baki: kada "esh" ta fito a maimakon "maza", kada "dahin" ta fito a maimakon "al'an", kada "abga" ta riga "uridu". Wanda ya zo daga gida nema yake yi, su kuwa tacewa suke yi, amma sakamakon ɗaya ne. Abin da ke taimakonsu shi ne dokar nan ta kuskure: idan ta kasuwa ta kuɓuce, a bi ta da ta fusha a wuce, kada a tsaya ba da haƙuri.

Mako na biyu da na uku muka shiga abin da na ɗauka shi ne ginshiƙin shirin duka, wato saba wa jiki da matsin kansa. Wanda ya yi bita shi kaɗai a kan katifa, hankali kwance, ya koyi magana ne a yanayin da ba zai samu a ɗakin jarrabawa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Don haka muka riƙa ƙara zafin a hankali. Da farko ni kaɗai da waya. Bayan kwana uku na kawo wani abokina da bai saba da shi ba. Daga nan muka nemi wani ɗalibi Balarabe ɗan Yaman ya riƙa yi masa tambaya, saboda saurin magana da lafazin wanda Larabci harshen uwarsa ne su kansu wani matsi ne. A mako na ƙarshe muka kwaikwayi abin gaba ɗaya: ya sa farar jallabiyarsa, ya tsaya a waje minti goma yana jira, a kira sunansa, ya ƙwanƙwasa, ya yi sallama, ya zauna, mu biyu muna rubuce-rubuce ba ma kallonsa, mu katse shi a tsakiyar jimla da gangan. Wani lokaci nakan sa ya hau bene hawa biyu da sauri kafin ya shigo, domin ya saba yin magana zuciyarsa na bugawa, ya gane cewa bugun ba ya hana harshe aiki.

A zama na biyu na wannan kwaikwayo ya daskare sosai, har idonsa ya kawo ruwa. Ban dakatar da zaman ba, kuma ban taimake shi ba. Na bar shi ya yi abin da muka tsara wa irin wannan lokaci: ya dafa ƙafafunsa biyu a ƙasa, ya saki numfashi a hankali ta baki, fitarwar ta fi shaƙar tsawo, domin bugun zuciya yana sassautawa ne a lokacin fitar da numfashi, sannan ya faɗi jimlar sayen lokaci, ya maido da tambayar. Ya ɗauke shi kamar daƙiƙa takwas, amma ya dawo da kansa. A ganina wannan zaman ya fi duk sauran amfani. Burin shirin ba wai kada ka daskare ba ne, wannan ba a hannunka yake ba. Burin shi ne ka taɓa daskarewa ka fita, sau da yawa, har jikinka ya san hanyar. Sai dai a kula da ma'auni: idan aka fara da zafi mai yawa tun ranar farko, mutum tsoro zai ƙara koya. Kuma a zaɓi abokan da ba za su yi dariya ba, ba kuma za su kai labari ɗakin wasu ba.

Ranar jarrabawa shawarwarina kaɗan ne. Kada a buɗe sabon babi da safe. A rage gahawa da shayi mai kauri, don suna ƙara bugun zuciya da rawar hannu. A riƙe ruwa saboda bushewar baki. A sami wanda za a yi hirar minti goma da shi da Larabci kafin a shiga, kada jimlarka ta farko ta Larabci a ranar ta zama a gaban malamai. A nisanci dandazon bakin ƙofa inda ake tare duk wanda ya fito ana tambayarsa me aka yi masa. Ga wanda damuwa ta cika wa kai, Gerardo Ramirez da Beilock sun nuna a 2011 cewa rubuta abin da ke damunka na minti goma kafin jarrabawa ya taimaki ɗalibai masu yawan fargaba. A jarrabawar rubutu suka gwada, amma ba ta da tsada, ana iya jarrabawa tun a zaman bita a ga ko ta karɓi mutum. Addu'ar Annabi Musa ta Suratu Ɗaha, aya ta 25 zuwa 28, "Rabbishrah li sadri", kowa ya san ta. A karanta ta a natse, ana sauke numfashi a ƙarshen kowace aya.

Akwai inda duk wannan ba ya isa. Idan abin ya kai ga ciwon ƙirji, ko jin kamar numfashi zai ɗauke, ko amai, ko mutum ya fara guje wa aji gaba ɗaya, wannan maganar likita ce, kuma babu abin kunya a ciki. Mai in'ina tun yarinta shi ma hanyarsa dabam ce, ya kamata ya sanar da malamai tun kafin ranar. Ina kuma roƙon ƙannenmu da su daina karɓar ƙwayar rage bugun zuciya daga hannun aboki. Irin waɗannan magunguna suna da haɗari ga mai asma da mai ƙarancin hawan jini, likita ne kaɗai zai ce ga wanda ta dace da shi.

Ƙanen nan nawa ya shiga ran Talata da hantsi. Da ya fito ya same ni a ƙarƙashin inuwa inda nake jiransa, na ce yaya. Ya ce an tambaye shi bambancin yanayin Madina da na garinsu, kuma a tsakiya kalmar damina ta ɓace masa ɗungurungum, ya ji abin nan ya taso masa daga ciki. Ya ce, "Sai na dafa ƙafa, na ce nasitul kalima, lakin aƙsidu lokacin da ruwa ke sauka manoma su fita gona. Sai Duktur ɗin ya ce mausimul amɗar, na ce na'am, mausimul amɗar, na ci gaba." Na tambaye shi tsawon shirun da ya yi. Ya ce bai ƙirga ba, amma bai kai na ɗakinmu ba.